Kanwa, Toka da Gishiri: Nazari kan Cimar Mai Ciwon Ƙoda a Ƙasar Babura

1.0 Gabatarwa

Idan likita ya ce da mai daɗaɗɗen ciwon ƙoda ya rage gishiri, sinadarin sodiyam yake nufi. Bahaushen Babura kuwa abin da zai fahimta shi ne farin gishirin da ake barbaɗawa a miya. Wannan maƙala ta duba giɓin da ke tsakanin ma'anonin biyu, ta hanyar misalin magidanci mai nauyin kilo 60 wanda bai kai ga wankin ƙoda ba.

2.0 Sodiyam da Fotasiyam

Ƙa'idar ita ce kada gishirinsa ya kai giram 5 a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Sai dai dunƙulen miya kusan rabin nauyinsa gishiri ne, kuma uwargida ba ta lissafa shi. Kanwa ta fi wannan ruɗarwa. Sunanta na Ingilishi ya sa wasu ke ɗaukar ta fotasiyam ce, alhali galibinta sodiyam ne. Saboda haka wanda ya bar gishiri, amma yana karyawa da kunun kanwa, yana cin ɗanwake da rana, bai rage abin kirki ba. Kumburin ƙafa da hauhawar jini su ne za su tona asirin.

Ruwan toka, wanda wasu ke sa wa miya a madadin kanwa, shi ne ainihin mai fotasiyam. A ganinmu kuskure ne a hana kowane majinyaci ganye da 'ya'yan itace. Sai in gwajin jini ya nuna fotasiyam ya haura 5.0. A sannan ne zai bar toka, ya rage dabino da ayaba da tumatir da zogale. Dankali kuwa a fere shi, a yanka ƙanana, a tafasa cikin ruwa mai yawa, a zubar da ruwan. Haɗarin shi ne fotasiyam na iya dagula bugun zuciya ba tare da wata alama ta gabata ba.

3.0 Furotin da Fosfet

Rabonsa na furotin giram 0.8 ne ga kowane kilo, wato giram 48. Tuwon gero ko na dawa da koko kan cinye kusan rabinsa. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, kofin dafaffen wake kimanin 13. Da waɗannan ya kusa cika, tsire sai wata rana, a madadin waken. Ranar da ya fara wankin ƙoda lissafin zai juya, ya koma giram 60 zuwa 72.

Fosfet ɗin wake da gyaɗa hanji ba ya tsotsar fiye da rabinsa. Na baƙin lemon kwalba kuwa kusan dukkansa ke shiga jini, don haka shi ne farkon abin bari. Nono ya tsaya a ludayi ɗaya, a dama furar da ruwa.