Ranar Sauya Sunan Kamfani: Abin da Ma'aikaci ke Jiran Ji Daga Bakin Darakta

Aikina shi ne shirya wa ƙananan kamfanoni takardu da jawabai a jihar Damagaram, kuma a cikin jawaban da ake kawo mini in gyara babu wanda ya kai na sauya suna yawan surutu marar amfani. Darakta zai kwashe rabin awa yana fassara launin sabon tambari da mafarkinsa na shekaru goma masu zuwa, alhali direba da mai gadi da mai awo da ke zaune gabansa tambaya ɗaya ce ke cin ransu: an sayar da mu ne, ko kuwa allo kawai aka sauya?

Suna da dalilin tambayar, domin sun gani da idonsu. Duk mai sayar da katin waya a kasuwar Waca ya san Celtel ta koma Zain a 2008, Zain kuma ta koma Airtel a 2010 bayan kamfanin Bharti na Indiya ya saye ta. Orange Niger an sayar da ita ga Zamani Com, ta Mohamed Rissa mai Rimbo da Moctar Thiam, a watan Nuwamba 2019, sunan Zamani Telecom bai hau kan alluna ba sai a ƙarshen 2020. Moov kuwa ta zama Moov Africa a farkon 2021 ba tare da ta sauya hannu a lokacin ba, tana nan ƙarƙashin Maroc Telecom. Wato wani lokaci sabon suna shaidar sabon ubangida ne, wani lokaci kuma fenti ne kawai. Ma'aikaci ba shi da hanyar ganewa sai an faɗa masa, kuma idan darakta ya tsallake wannan, kafin la'asar majalisar shayi ta ba da nata bayanin.

Don haka kafin in rubuta kalma ɗaya nakan tambayi mai kamfani: wane suna ne ya sauya? A dokar kasuwanci ta OHADA da Nijar ke bi, akwai sunan da ke cikin takardun kafa kamfani, akwai kuma sunan kasuwa ko tambarin da jama'a ke gani a kan buhu da ƙofar shago. Na biyu ana iya sauya shi na farko yana nan. Na farko kuwa sai an gyara takardun kafuwa. Idan kamfanin SARL ne, sai abokan tarayya masu riƙe da aƙalla kashi uku cikin huɗu na jari sun amince, sannan a kai gyaran rajistar kasuwanci ta RCCM cikin kwana 30, a buga sanarwa a jaridar da doka ta yarda da ita, a sanar da ma'aikatar haraji da CNSS da banki. Tambari kuma ana yi masa rajista a hukumar OAPI mai hedikwata a Yawunde, kariyarsa ta shekara 10 ce, ana sabuntawa. Shawarata kullum ita ce kada a kafa rumfa a kira makaɗa sai takardar RCCM mai sabon suna ta shigo hannu, an kuma bincika ba wanda ya riga ka sunan. Sanarwar da aka yi a bainar jama'a janye ta akwai kunya.

Ga wani aiki da na yi wa wani kamfani mai sayen riɗi da wake, wanda ke da sito a Waca da masu awo a ƙauyukan da ke tsakanin nan da Dungas da Magarya. Uba ne ya kafa shi da sunansa, 'ya'ya suka shigo da jari, suka so sunan da ba na mutum ɗaya ba. Rubutun farko da daraktan ya kawo mini shafi huɗu ne, sabon sunan bai fito ba sai a shafi na uku. Muka datse shi ya koma na minti bakwai. Bayan sallama da gaisuwa ga wakilin sarki da dattawan ma'aikata, ga yadda ya shiga magana:

"Iyayena da 'yan'uwana, daga ɗaya ga wata mai kamawa, sunan gidan nan shi ne wanda kuke gani a kan wannan allo. Ba a sayar da kamfani ba. Alhaji yana nan, mu 'ya'yansa muna nan. Yarjejeniyar aikin kowa tana nan yadda take, ba wanda za a ce ya sa hannu a kan sabuwa. Wanda ya shekara goma sha biyu a nan, shekarunsa goma sha biyu ne, lambarsa ta CNSS ita ce dai. Albashi zai fito ranar da aka saba, sai dai za ku ga sabon suna a saman takardar."

Wannan maganar ba alheri ba ce daga darakta, haka doka take. Sauya suna ba ya haifar da sabon kamfani, mutum ɗaya ne ya sake riga, bashin da ake binsa da wanda yake bi duk suna wuyansa. Ko da sayarwa aka yi, dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta ce yarjejeniyoyin aiki suna ci gaba tsakanin ma'aikata da sabon mai gida. Saboda haka ma'aikacin da aka miƙa wa sabuwar yarjejeniya da sunan "mun sauya suna", ya duba ranar fara aiki da aka rubuta. In ya ga ta koma ta bana, kada ya sa hannu sai ya ga wakilin ma'aikata ko sufeton ƙwadago, domin da waɗannan shekarun ake lissafin ladan daɗewa da kuɗin sallama.

Sashe na biyu na jawabin shi ne wanda daraktoci suka fi mantawa, kuma shi ya fi tsada. A wurinmu ciniki da amana yake tafiya. Manomin da ya ba da buhu goma na riɗi aka rubuta masa rasit da tsohon suna, in ya zo ya tarar da baƙon allo, zai ɗauka kuɗinsa sun bi ruwa. Mai awo ne zai fuskance shi, ba darakta ba. Shi ya sa muka sa wa masu awo amsa a baki, jimla biyu: kamfanin shi ne dai, tsohon rasit yana aiki har a biya shi. Muka kuma tsai da cewa wata shida za a riƙa rubuta sabon suna, a ƙarƙashinsa tsohon, a kan rasit da buhu da jikin mota. Tsohon hatimi kuwa a ranar da aka tsayar aka tattara shi aka kulle, tare da ragowar littattafan rasit bayan an rubuta lambobinsu. Ba don zargin kowa ba. Lokacin da hatimi biyu ke yawo shi ne lokacin da ɗan damfara ya fi so, musamman a gari irin namu da ba shi da nisa da iyaka, inda ake ciniki da sefa da naira a rumfa ɗaya.

Dalilin sauya sunan ya samu jimla uku kacal, kuma sun isa. Abin da na dage a kai shi ne a ambaci wanda ya kafa gidan da girmamawa, domin akwai masu gadin da suka fara aiki tun yana awo da hannunsa, kuma a wurinsu cire sunansa daga allo ba ƙaramin abu ba ne.

Sai harshe. Takardun doka da Faransanci suke, amma jawabi ga ma'aikatan Waca da Hausa ya kamata a yi shi tun daga farko, ba a karanta Faransanci wani ya riƙa bin baya da fassara ba, domin a nan ne "ba a sayar ba" ke komawa "ba a sayar ba tukuna". Kuma a kira wakilan ma'aikata kwana ɗaya ko biyu kafin taro a karanta musu, su kawo tambayoyin da mutane za su ji nauyin yi a gaban baƙi. A wancan kamfani tambayar da suka kawo ba ta cikin lissafinmu: bashin azumi da ake cirewa daga albashi, wa za a ci gaba da biya? Muka ƙara layi ɗaya a jawabin, cewa littafin bashin yana hannun ma'ajin da suka sani, kuma abin da ake cirewa kowane wata bai ƙaru ba.