Yadda Ake Kwafe Shafin Jarida Mai Sahu Biyu Ba Tare da Ya Cakuɗe Ba

Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse da masu shagunan buga takardu a Takur sun san wannan matsalar. Ka ɗauki hoton shafin Aminiya, ko kuma aka turo maka hoton tsohuwar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939. Ka sa manhaja ta mayar maka da hoton rubutu, ta gane kalmomin, amma labarin ya fito ba kai ba gindi. Sau da yawa dalilin ɗaya ne: an tsara shafin sahu biyu, hagu da dama, ita kuwa manhajar ta karanta shi a miƙe, ta tsallake ratar da ke tsakiya.

Ga misali da na tsara don a gane. Sandar da ke tsakiya ita ce ratar:

Manoman sun ce farashin riɗi | ya tashi da kashi goma, domin
ya faɗi a wannan makon, | direbobi sun ce man fetur
amma kuɗin motar ɗaukar kaya | ya yi tsada.

Mai karatu zai sauko sahun hagu har ƙasa, sannan ya koma saman na dama. Zai fahimci cewa riɗi ya faɗi, kuɗin mota ne ya tashi. Idan kuwa aka bi layi a miƙe, jimlar farko za ta zama: "Manoman sun ce farashin riɗi ya tashi da kashi goma." Jimla ce lafiyayya, babu kuskuren nahawu a cikinta, amma kishiyar abin da aka rubuta ce. Wanda ya kwafe ta ya saka a furojet ko ya tura a guruf, ya jingina wa jarida maganar da ba ta faɗa ba.

Me ke jawo haka?

Manhajar gane rubutu, wadda ake kira OCR, ba ma'ana take bi ba. Kafin ta karanta harafi ko ɗaya, sai ta fara raba shafin gida-gida, kuma babbar alamar da take nema ita ce farar rata da ta miƙe daga sama zuwa ƙasa. Idan ta ga ratar, za ta raba sahun biyu. Idan ba ta gani ba, sai ta ɗauki layin hagu da na dama a matsayin layi ɗaya, tunda a jere suke.

Abin da ya fi ɓatar da ratar shi ne karkacewar hoto. A ce tsawon rubutun a hotonka fiksil 3400 ne, faɗin ratar kuma fiksil 60. Idan hannunka ya karkata da digiri 1 kacal, ƙasan ratar zai goce daga samanta da kusan fiksil 59. Ka ga ke nan kusan babu sauran farar hanya madaidaiciya. Inuwar waya, lanƙwasar takarda da tawadar bayan shafi da ta ɓullo su ma suna cike ratar.

Maganin: yanke kafin ka karanta

Kada ka bar wa manhaja aikin canko tsari. Ba ta sahu ɗaya a lokaci ɗaya, ba za ta samu abin da za ta tsallaka zuwa gare shi ba.

Da farko shimfiɗa jaridar a kan tebur, ka danne gefunanta, ka ɗauka daga sama tsaf, cikin hasken rana ba tare da filasha ba. Idan hoton ya karkata, gyara shi a wurin Edit na galarin waya har layukan su kwanta daidai.

Sannan ka duba shafin da idonka ka sa wa sassansa lamba. Kanun labarin da ya ratsa faɗin shafi shi ne na 1, sahun hagu na 2, sahun dama na 3. Bayanin da ke ƙarƙashin hoto da talla, ka ware su daban. Yi amfani da Crop ka fitar da kowane sashe a matsayin hoto mai zaman kansa, ka bi tsakiyar ratar don kada ka gutsure haruffa. Daga nan sai ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya a Google Lens, ka kwafe, ka manna bisa lambobin.

Ga masu Termux

Idan shafukan suna da yawa, umarni ya fi sauri. A ce hoton 3000 ne a faɗi, 4000 a tsawo, kanu ya ci fiksil 600 na sama, ratar kuma tana kan 1500:

```
pkg install tesseract imagemagick
magick shafi.jpg -auto-orient s.png
magick s.png -crop 3000x600+0+0 +repage 1.png
magick s.png -crop 1500x3400+0+600 +repage 2.png
magick s.png -crop 1500x3400+1500+600 +repage 3.png
for n in 1 2 3; do tesseract $n.png $n --psm 6; done
cat 1.txt 2.txt 3.txt > labari.txt
```

A cikin `1500x3400+1500+600`, lambobi biyun farko faɗi ne da tsawon yankin, biyun ƙarshe kuma wurin da yankan zai fara daga hagu da kuma daga sama. Ka auna naka hoton, domin ba kullum ratar ke faɗowa a tsakiya cif ba.

Lura da `--psm 6`. Yana gaya wa Tesseract cewa hoton dunƙulen rubutu ɗaya ne. A kan sahun da aka yanke, daidai ne. A kan cikakken shafi kuwa, shi ne zai sa ta karanta a miƙe. Idan ba ka son yankewa, bar ta a kan `--psm 3`, wanda shi ne na asali, ta raba shafin da kanta, amma wannan ya dogara da kyawun hoton.

Tarkon labari biyu a shafi ɗaya

Yanke shafi gida biyu daga sama har ƙasa ba ya aiki idan akwai labari a sama, wani a ƙasa, kowanne da sahunsa biyu. Za ka samu hagun labarin farko ya zarce cikin hagun na biyu. Ƙa'idar ita ce: fara yankewa a kwance, a duk inda sabon kanu ko zanen layi ya ratsa shafin, sannan ka yanke kowane labari a tsaye. Idan shafin na Ajami ne, sahun dama ne na farko.

Yadda za ka tabbatar

Ba sai ka karanta komai ba kafin ka gane an samu cakuɗa. Ƙirga kalmomin layi ɗaya a jaridar. Idan shida ne, amma a abin da ya fito kana ganin wajen 12, an haɗe sahu biyu. Sannan ka duba mahaɗa: karanta layin ƙarshe na hagu tare da layin farko na dama da ƙarfi. Idan jimlar ta tafi daidai, tsari ya yi. Idan kalma ta ƙare da karan ɗori, kamar "gwam-", to "nati" ya kamata ya biyo, ba wata kalma ba. Idan sahun dama ya ƙare da umarnin a duba wani shafi, labarin bai ƙare ba, ka nemo ragowar.

Bayan tsari ya daidaita, saura haruffa masu lanƙwasa. Manhajoji kan mayar da ƙ, ɗ da ɓ su zama k, d da b, sai ƙasa ta koma kasa, ɗaki ya koma daki. Wannan da hannu ake gyarawa, jarida a gefe guda, waya a ɗaya gefen.