Ledar fiyo wata: a karɓi kuɗin kwashe ta tun daga nadi

Duk mai aikin tsaftar muhalli ya san abin da ke fitowa in an yashe kwata kafin damina: ledar ruwa ce cunkus, ta haɗu da taɓo ta toshe hanyar ruwa. Abin baƙin ciki, ɗan jari-bola yana bi ta wurin kullum. Yana ɗaukar ƙarfe da gorar roba, ya tsallake ledar. Ba lalaci ba ne, lissafi ne. Leda ɗaya nauyinta kusan giram 2 ne, don haka sai ya tsinci wajen 500 kafin ya haɗa kilo, ga datti, ga jiƙa, kuma mai saye zai zaftare masa kuɗin yashin da ke ciki. Wa zai wuni a sunkuye saboda wannan?

Nan ne tsarin ɗora wa mai sarrafa kaya alhakin sharar kayansa ya shigo. Hukumar NESREA ta fitar da ƙa'idojinsa tun 2014, kuma manyan kamfanonin lemo sun kafa haɗakarsu ta FBRA a 2018. Sai dai ruwan leda sana'ar dubban ƙananan gidaje ce, wasu ko rajistar NAFDAC ba su da ita, suna buga lambar ƙarya. Bin su ɗaya bayan ɗaya ɓata lokaci ne. Amma dukansu nadin leda suke saye, kuma masu yin nadin ba su kai su yawa ba. A can ya kamata a karɓi kuɗin, bisa kilo. A ce an ɗora naira 100 kan kowane kilo. Kilon yana ba da leda 500, wato jaka 25 mai ɗauke da guda 20, kenan naira 4 kan jaka, kwabo 20 kan leda ɗaya. Idan kuɗin nan ya koma ƙari kan farashin da ake biyan mai tsinta a wurin awo, ledar ta zama abin nema.

Masu gidajen ruwa za su ce talaka aka ƙara wa tsada. Talakan nan shi ne ruwa ke shiga ɗakinsa in kwata ta cika, shi ke shaƙar hayaƙin ledar da ake ƙonawa. Ya daɗe yana biya. Ƙorafin da ke da nauyi shi ne za a cinye kuɗin, kuma tsoron yana kan hanya. Saboda haka kada ya shiga baitulmali. A ajiye shi a asusun haɗakar masu sana'ar, ƙungiyar ATWAP na ciki, hukuma na duba littafi, kuma kada a biya kowa sai da shaidar kilon da ya isa injin narkarwa.

A auna busasshiyar leda kawai, domin masu jiƙa ta su cusa yashi suna nan. Kwashe shara rana guda a ɗauki hoto ba sauke alhaki ba ne. Mai karɓar kuɗi ya je bayan gari ya cinna mata wuta kuwa, a soke rajistarsa.