Kafin a Nemi Ƙarin Ma'aikaci, a Auna Aikin

Ku shugabannin ƙananan asibitoci a Anka, Gummi da Bukkuyum, dogon layi a bakin ƙofa bai isa hujjar neman ƙarin ma'aikaci ba, domin sau da yawa cunkoson na safiya ne kawai. Ku buɗe rajista ku yi lissafi, irin wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara mai suna WISN. A ce kuna duba marasa lafiya 900 a wata, kowanne minti 10. Awa 150 ke nan. Ma'aikacin da ke zuwa kwana 20, yana ba marasa lafiya awa 6 kullum bayan rubuce-rubuce da sallah, awa 120 yake da ita. To, mutum biyu sun wadatar, har da rara.

Wani zai ce, ai da damina zazzaɓin cizon sauro kan cika asibiti. Gaskiya ne, shi ya sa ba a aunawa da wata guda. Idan adadin ya ninka daga Agusta zuwa Oktoba, aikin ya koma awa 300, mutum biyu kuwa 240 ce iyakarsu. Wannan giɓin na wata uku ne, aron ma'aikaci daga wani sashe zai cike shi. In kuwa rajistar shekara ta nuna giɓi kowane wata, ku kai wa ƙaramar hukuma lissafin a rubuce.