Sabuwa, Gyararriya ko 'Yar Landan: Yadda Ɗan Kasuwa Zai Sayi Waya a Gidan Waya

Mai shagon kayan masarufi a bakin Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ko dillalin citta mai kai kaya Kafanchan, wayarsa ita ce bankinsa, domin ɗalibi ya saya ya ce "na tura", kai kuma sai ka ga alat kafin ya bar ƙofa. Don haka shawarar nan da ake yawan ba mutane, wai a samu tsohuwar iPhone ko Samsung ta manya a kuɗin sabuwar itel, ba ta ɗan kasuwa ba ce. Ra'ayina a fili yake: in kuɗinka kaɗan ne kuma waya ɗaya za ka riƙe, sayi sabuwa a kwali. Ta hannu sai in za ka iya gwada ta yadda zan bayyana a ƙasa.

Fara da kasa kuɗin. In kana da naira dubu 150, kada ka je da niyyar kashe su duka kan waya. Ware kamar dubu 20 don kes, gilashin kare fuska, caja mai kyau da kuɗin mota, abin da ya rage shi ne kuɗin wayar.

Sai ka san abin da kake nema. Layi biyu, saboda sabis a ƙauyukanmu ba ya da tabbas, in MTN ta ɗauke ka koma Airtel ko Glo. Batiri mai 5000 mAh, saboda halin wutar lantarki. Ma'ajiya 64GB aƙalla, in da hali 128GB. RAM kuwa 4GB na gaske. A nan ake yawan cin mutane, domin za ka ga an rubuta wa kwali 8GB da manyan haruffa, a ƙasa kuma 4+4 ƙanana. Huɗun farko ne na gaske, huɗun biyu aro ne daga ma'ajiya, ba su da saurin na ainihi. Wayar da aka rubuta mata 2+2, RAM ɗinta 2GB ne, kuma da ka buɗe WhatsApp Business da OPay da Moniepoint tare za ta fara nauyi, kwastoma na tsaye yana jiranka.

Sabuwa ba ta da dogon bayani. Tecno, Infinix da itel duk na kamfanin Transsion ne, Carlcare ke gyaransu, garantinsu shekara ɗaya. Na fi son su don dalili ɗaya: in fuskar ta fashe, mai gyara a Kafanchan zai samo wata ba tare da wahala ba. Ka sa a ɓare kwalin a gabanka, ka karɓi rasit mai lambar IMEI.

'Yar Landan suna ne kawai, yawancinsu daga Amurka, Dubai ko Chaina ake kawo su, su sauka Computer Village a Ikeja, su bazu zuwa Banex a Abuja, Farm Centre a Kano da shagunan Jos. Gyararriya kuwa iri biyu ce. Akwai wadda kamfani ya sabunta da takardar garanti, wannan ba kasafai take zuwa wajenmu ba. Akwai kuma wadda aka canja wa fuska da murfi da batiri a bayan shago, aka saka a sabon kwali. In mai shago ya faɗa maka gaskiyar abin da aka canja kuma ya rage kuɗi, ana iya ciniki. In ya ce sabuwa ce amma farashin ya yi ƙasa sosai da na sauran shaguna, ajiye masa kayarsa.

Gwajin ta hannu shi ne aikin, kuma yana cin kusan awa guda. Je da safe, da layinka, da cajarka, da data. Danna wannan:

```
*#06#
```

Lambar IMEI mai lamba 15 za ta fito. Gwada ta da wadda ke cikin Settings da wadda ke jikin kwali, in akwai kwali. In sun saba, ciniki ya ƙare. Sannan saka layinka ka kira wani, ka buɗe data, ka mayar da layin rami na biyu ka sake. Yawancin wayoyin Amurka rami ɗaya ne da su, wasu a kulle suke ga kamfanin sadarwa na can, iPhone 14 ta Amurka ma ba ta da ramin layi sam. A iPhone shiga Settings, General, About, ka nemi Carrier Lock, dole ka ga No SIM restrictions. Kada ka yarda da wadda aka liƙa wa ɗan siririn cif a ƙarƙashin layi don ta kama sabis, tana iya daina aiki kowane lokaci.

Yanzu abin da ya fi muhimmanci, wanda kuma masu sayarwa suka fi ƙi: a goge wayar gaba ɗaya a gabanka, kafin ka biya ko kwabo. A Android sunansa Factory data reset, a iPhone kuma Erase All Content and Settings. Dalili shi ne waya tana iya aiki lafiya lau alhali asusun Google ko iCloud na tsohon mai ita yana ɗaure da ita. Ranar da ka goge ta a gida, tana iya neman kalmar sirrin mutumin da ba ka taɓa gani ba. Bayan gogewa, haɗa ta da intanet, ka bi matakan har ta buɗe, ka saka asusunka da hannunka. In ta nuna Activation Lock, ko ta nemi tsohon asusun Google, ko ta nuna sunan wani kamfani da ke kula da ita, bar ta. Ka kuma yi hattara da wayar da aka ɗauka bashi ana biya wata-wata. Irin wannan tana kulle kanta in aka daina biya, gogewa kuma ba lallai ta cire kullen ba, don haka tambayi rasit na asali ga duk wayar da ba ta daɗe da fitowa ba amma ana sayar da ita da arha.

Batiri a iPhone yana Settings, Battery, Battery Health. Maximum Capacity ƙasa da 85 na nufin ka fara tanadin kuɗin sabo, tsohuwar waya mai nuna 100 kuma da alama an taɓa ta. A Android kunna bidiyo minti goma da cikakken haske. In caji ya sauka da kusan kashi goma, ko bayan wayar ya yi zafi sosai, batirin ya gaji. Gwada kyamarar gaba ma, domin manhajojin kuɗi suna neman hoton fuskarka kafin su buɗe a sabuwar waya.

Ɗauki misalin wata mai shago da dubu 130 suka rage mata. A gabanta akwai sabuwar itel ko Infinix mai 4GB, da tsohuwar Samsung ta manya mai layi ɗaya wadda ta haura shekara biyar. Samsung ɗin ta fi kyan hoto, babu musu. Amma fuskarta AMOLED ce mai lanƙwasa, in ta faɗi a siminti kuɗin canji zai iya kai rabin kuɗin wayar ko fiye, kuma sai an aika Jos ko Abuja, kwanakin nan duka ba ta ganin alat. Ita sabuwar za ta ɗauka. Tela ko mai kwalliya da ke tallar aikinta da hoto, ita ce 'yar Landan za ta iya yi wa rana, in wayar ta ci duk gwajin nan.

In kun daidaita, a rubuta takarda: sunan shago, lambar mai sayarwa, IMEI, kwanan wata, da kwanakin da za ka iya mayarwa, ka nemi mako guda aƙalla. Biya ta tiransifa zuwa asusun shagon don shaida ta zauna. Kada ka sayi waya a tasha ko a hannun mai wucewa komai arharta, domin in ta sata ce, wanda aka same ta a hannunsa shi 'yan sanda za su fara kamawa.