BUSHEWAR FATAR KAI CE KO AMOSANI?

'Yan uwa, ba duk farin garin da ke zuba daga kai ne amosani ba.

Ku wanke kai, kada ku shafa komai har kwana 2. Sannan ku tsaga gashin, ku danna farar takarda a kan fatar.

In takardar ta fito ba maiƙo, garin kuma fari ne mai laushi, yana zuba da kansa, fatar tana ɗaurewa bayan wanka, to bushewa ce. Ta fi yawa da hunturu, har ƙafafu za ku ga sun yi furu-furu. Ɗan man kaɗanya ya isa.

Amosani kuwa kamar dusa yake, da maiƙo-maiƙo, yana manne wa gashi. Ƙaiƙayinsa naci gare shi, yakan sauko har gira da bayan kunne. A nan ake kuskure, sai a lafta man zaitun, alhali ƙwayar da ke tayar da shi maiƙo take ci.

In kuma kun kankara da farce abu ya fito da danƙo, musamman kitso ya daɗe, dauɗar mai ce ta taru. Ita a tsefe a wanke da kyau ta tafi, amma amosani 'yan kwanaki kaɗan ya dawo.