Lissafin kuɗin salla tun daga kaka

Manomi sau ɗaya yake samun kuɗi mai kauri a shekara, wato da kaka. Salla kuwa sau biyu take zuwa, kuma ba ta tsayawa wuri ɗaya. Kowace shekara tana matsowa da kwana 10 ko 11. A 2025 an yi ƙaramar salla a ƙarshen watan Maris, babbar salla kuma a farkon Yuni. Ke nan duka biyu sun faɗo lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, shuka kuma ta ƙarato. Tsakanin sallolin biyu kwana 70 ne ko ƙasa kaɗan, wato kasuwar mako goma. Wanda ya jira sai azumi ya tsaya kafin ya fara tunanin tufafin yara, ya makara.

A irin wannan lokaci ne ake zuwa wurin ɗan kasuwa. Mu ɗauki misali. Mutum ya karɓi jika 20 da bazara, da alkawarin zai biya da hatsi in an yi girbi. Da kaka ɗan kasuwa ya yi masa lissafin tiya a kan dala 80, sai ya kwashe tiya 50. Bazara ta dawo, tiya ta kai dala 160. In mutumin yana son ya maida tiya 50 ɗin nan cikin rumbunsa, sai ya biya jika 40. Rigar da aka ɗinka da kuɗin ta tsufa tun tuni.

Ga yadda wani mai gida zai iya yi. Kuɗin da ke cikin misalin ba na kowace kasuwa ba ne, kowa ya sa farashin garinsu. Gidan mutum bakwai ne: shi, da matarsa, da tsohuwarsa, da yara huɗu.

Da aka gama kai damma gida, a farkon Nuwamba, ya fara ware abincin gida na shekara, da iri, da zakka. Waɗannan ba su shiga lissafin salla ko kaɗan. Abin da ya rage na wake da gujiya ya sayar, ya samu jika 60. Sannan ya ɗauko littafinsa na yaƙi da jahilci, ya kira uwargida suka zauna tare, don ita ta san yawan man da tukunya take sha. Ga abin da suka rubuta na ƙaramar salla:

Yadi da ɗinki na yara huɗu: jika 16
Atamfar uwargida da ɗinki: jika 10
Takalman yara: jika 4
Shinkafa, mai, kaji biyu da kayan miya: jika 12
Goro, sukari da goron salla: jika 5
Kitso da lalle: jika 1

Duka jika 48 ke nan. Shi mai gida bai sa kansa a ɗinki ba, rigarsa ta bara wanki da bugu kawai take bukata. Tsohuwa kuwa zanenta na cikin adaka.

Layin goro shi ne ya fi yaudara, don kuɗinsa dala-dala yake fita, ba a jin zafinsa sai aljihu ya bushe. Saboda haka suka rubuta sunan gidajen da dole a gaishe su: surukai, malamin unguwa, gwaggo. Na yaran da za su zo yawon salla kuma aka ƙayyade jika 1, a canja ta ƙananan kuɗi tun kafin ranar. In ta ƙare, sai a ba su abinci da barka da salla. Zakkar fid da kai, mudun Annabi huɗu a kan kowane mutum, an auna ta an ɗaure daban tun ranar da aka ware abinci.

Na babbar salla ba a sa sabon ɗinki ba. Kayan da aka sa mako goma da suka wuce har yanzu sababbi ne. Babban abu shi ne rago. Mai gida bai jira kasuwar jajibiri ba, inda kowa ke neman rago rana ɗaya. Ya sayi ɗan rago mai wata bakwai ko takwas a kan jika 35, don kafin Yuni ya cika shekara, ya isa layya. Harawar wakensa ya ɗaure ya aza bisa rumfa, bai sayar ba. Dusa, kanwa da magani jika 10. Itacen gashi, kayan yaji da goron salla jika 10. Duka jika 55.

Turkar rago tana da haɗarinta. Dabba tana iya kamuwa da ciwo, ɓarawo kuma ba ya barci. Kafin a saya a duba ido da hanci, a duba ƙarƙashin wutsiya ko yana zawo, a ga yana tuƙa. A kai shi wurin ma'aikatan dabbobi don rigakafi da maganin tsutsar ciki. Wanda ba shi da harawa ta kansa ya yi lissafi sau biyu, don sayen abincin dabba da bazara yana iya cinye ribar duka. Kuma malamai sun bayyana cewa layya tana kan mai hali ne. Akuya da ta cika shekara ta shiga ta biyu ita ma ta isa.

Suka ƙara jika 7 don abin da ba a zata ba, kamar baƙi ko tashin farashi. Yanzu 48 da 55 da 7 sun zama jika 110. A hannu akwai 60. Saura 50.

Mai gida yana saƙar igiya da tabarma da rani. Ya duba, ya ga zai iya jefa jika ɗaya da rabi cikin asusu kowace ranar kasuwa. Daga farkon Nuwamba zuwa babbar salla mako 30 ne, wato jika 45. An samu giɓin jika 5. A nan ne mutane da yawa suke cewa ai ƙaramin bashi ne. Su kuwa suka koma kan takarda. Uwargida ta ce za ta bar zakara ɗaya daga cikin kajinta, an rage jika 3. Takalmin babban yaro bai mutu ba, an rage jika 1. Aka kuma rage jika 1 a sukari. A lura, ita ce ta ba da zakaran da bakinta. Kuɗin ƙuli-ƙulinta da na adashinta nata ne, ba a rubuta su sai ta yarda.

Bayan sayen rago, jika 25 ta rage daga kuɗin kaka. Kuɗi a aljihu ba ya kwana, ga biki ga suna. Saboda haka a makon nan aka sayi yadin yara da atamfa aka kulle. Ɗinki kuwa aka dakata, don yaro na girma cikin wata huɗu. Ana saura mako biyu azumi aka kai wa tela, aka yi ciniki, aka ba shi rabin kuɗi, sauran sai ranar karɓa. Shinkafa da mai aka saya kafin azumi ya kama. Kayan miya kaɗai aka bari sai jajibiri.

Kowace ranar kasuwa mai gida yana ja layi ɗaya cikin littafi in ya zuba kuɗi. In mako biyu suka wuce a jere babu layi, jika 3 ta ɓace, sai a sake zama a ga abin da za a cire tun da sauran lokaci.

Aikin aji: wani gida na bukatar jika 84 don salloli biyu. Sun samu jika 36 da kaka, saura mako 24. Nawa za su riƙa zubawa kowace kasuwa? A faɗi amsar da jika, a kuma faɗe ta da dala.